Darasi: Raba Kuɗin Kasuwa da Kuɗin Gida da Asusu Biyu da Littafi Ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku matso da littafi da biro da kalkuleta, don yau lissafi za mu yi tare. Na ɗauka kowa ya riga ya buɗe asusunsa na biyu kamar yadda muka yi magana, ba zan koma kan yadda ake buɗewa ba. Ɗaya na kasuwa, ɗaya naka na kanka. Ni dai na fi son su kasance a bankuna daban, katin cire kuɗi ma launinsu ya bambanta, saboda idan suna cikin manhaja ɗaya, latsawa biyu kawai za ka yi kuɗin jari ya koma aljihunka. Katin asusun kasuwa kuma ka bar shi a shago ko a gida cikin akwati, kada ya riƙa yawo a aljihunka.

To buɗe asusu biyu shi kaɗai ba ya raba komai. Na ga 'yan kasuwa da yawa suna da asusu biyu, amma kullum kuɗi na kai-komo tsakaninsu, da safe a tura nan, da yamma a dawo da shi can. Abin da ke raba su shi ne ƙofa ɗaya tak da kuɗi zai bi ya fita daga kasuwa zuwa wurinka, wato albashi. Ka yanka wa kanka albashi kamar yadda ka yanka wa yaron shagonka, adadi sananne, rana sananniya. Duk cinikin da aka yi, asusun kasuwa zai shiga. Kuɗin sari, haya, dako, albashin yaro, daga nan za su fita. Cefane, kuɗin makarantar yara, asibiti, taimakon 'yan'uwa, duk daga asusunka na kanka.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, nawa zan yanka wa kaina? A nan zan daɗe, don nan ne jari yake karyewa. Mutum ya duba asusu ya ga kuɗi sun taru, sai ya ɗauka riba ce, alhali mafi yawansu uwar kuɗi ce da ke jiran a koma sari.

Bari mu ɗauki mai sayar da takalma. Alƙaluman da zan faɗa na misali ne, kowa ya ɗauke su da irin kuɗin da yake ciniki da shi. A wata ɗaya ya yi cinikin 300,000. Abu na farko, nawa ne kuɗin sarin takalman da suka fita? Ku kula sosai, ban ce nawa ya kashe wajen sari a watan ba. Abu biyu ne daban, kuma wannan bambancin ya daɗe yana rikita mutane. Za ka iya saro kaya da yawa ka sayar da kaɗan, za ka iya kuma ƙin zuwa sari sam ka yi ta sayar da tsohon kaya. Don haka dole a ƙirga kayan da ke shago.

Ga yadda ake yi. Ranar ɗaya ga wata ya ƙirga kayansa, ya yi musu kuɗi a farashin da ya saro su, ban da ribar da zai ɗora. Ya samu 180,000. Cikin watan ya saro na 240,000. Ka haɗa, 420,000 ke nan. Ƙarshen wata ya sake ƙirgawa, ya tarar da kayan 195,000 a kan kanta. Cire 195,000 daga 420,000, saura 225,000. Wannan shi ne kuɗin sarin abin da ya fita daga shago. Na sake faɗa, farashin sari za ka yi amfani da shi duka biyun, farkon wata da ƙarshensa. Idan ka ƙirga na ƙarshen wata da farashin sayarwa, lissafi zai nuna maka ribar da ba ka ci ba, ka je ka kashe ta.

To 300,000 a cire 225,000, saura 75,000. Har yanzu kada ka taɓa, don shago yana da nasa hidimomin. Haya 10,000, yaron shago 12,000, dako da kuɗin mota 5,000, wuta da cajin banki da ledoji 3,000. Duka 30,000. Wani zai ce ai ni hayar shekara nake biya. Ka raba ta gida 12, ka riƙa rubuta kason kowane wata, kuɗin kuma ka bar su kwance a asusun kasuwa har ranar da mai shago zai zo. Idan ka cire 30,000 daga 75,000, ribar watan ta gaskiya 45,000 ce. Mutumin da 300,000 ya bi ta hannunsa, abin da ya zama nasa ke nan.

Kuma wata ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Ka yi wannan lissafin wata uku a jere. A ce ya samu 45,000, sannan 38,000, sannan 52,000. Ni shawarata ka dubi watan da ya fi rauni, ka sa albashinka ƙasa da shi. Masu son ɗaukar matsakaici ba su yi laifi ba, amma duk watan da kasuwa ta ja baya za su ci daga jari. Ka ce 8,000 kowane mako, sau huɗu 32,000 a wata... a'a, ku dakata, wata ya ɗan fi mako huɗu. Shekara mako 52 ce, 8,000 sau 52 ya ba da 416,000, a raba gida 12, kusan 34,700 ke nan a wata. To har yanzu yana ƙasa da 38,000, ya yi daidai. Na fi son biyan mako-mako ga ƙaramin ɗan kasuwa, domin idan ka ɗauki na wata gaba ɗaya, kafin tsakiyar wata ya ƙare ka dawo kana leƙen akwatin ciniki. Abin da ya rage bayan albashi shi ne zai ƙara jari, shi ne kuma zai riƙe ka a watan da ba ciniki.

Idan ka yi lissafi ka ga ribar ba ta kai abin da gidanka ke ci ba, kada ka ƙara albashin don ya dace da buƙata. Lissafin ya gaya maka gaskiya ne, ko a rage kashewa, ko a nemi hanyar ƙara ciniki. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu littafi. Ga nawa, ku gani, na ja layi gida biyar da rula: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. Shafin hagu na tsabar kuɗin da ke akwati, na dama na asusun banki.  Littafin makaranta ma ya wadatar, rubutun shi ne aikin. Idan ka kai tsabar kuɗi banki, ka rubuta sau biyu, fita a hagu, shiga a dama, kuma kada ka ƙirga shi a matsayin sabon ciniki. Bashi kuwa yana da shafinsa a can baya. Wanda ya ɗauki kaya bai biya ba, ba ya shiga layin shiga sai ranar da kuɗin ya zo hannu.

Rana ɗaya a mako, kafin ka biya kanka albashi ko bayan ka biya, ka zauna ka gwada littafi da abin da ke ƙasa. Mai takalmanmu ya fara mako da 60,000, akwati da banki a haɗe. Ciniki ya shigo 70,000. Ya kashe 55,000 a sari da hidimar shago, ya biya kansa 8,000. Littafi ya ce ya kamata a samu 67,000. Ya ƙirga akwati, ya duba waya, sai ya ga 61,000. Ina 6,000 suka shiga?

Kafin ka zargi yaron shago, ka fara duba wurare uku. Na farko, asusunka na kanka. Tsohon mai sayayya yana da tsohuwar lambar asusunka a wayarsa, ya tura 4,000 can, kai kuma ka ji alat ka rubuta a littafi cewa an biya. Maganinsa, ka tura wannan 4,000 ɗin zuwa asusun kasuwa a ranar, cif-cif yadda ya shigo, kada ka haɗa shi da wani kuɗi, don in ka zo dubawa daga baya ka gane shi. Sannan ka manna lambar asusun kasuwa kaɗai a shago. Na biyu, cajin banki, wanda ake cirewa kaɗan-kaɗan ba ka lura ba. Ka buɗe jerin shige da ficen asusun ka tattara su, a misalinmu 500 ne, ka rubuta a layin fita. Na uku, hannunka. An aiko daga gida ana buƙatar 1,500, kana tsakiyar ciniki, ka zaro daga akwati ka miƙa. Ga 6,000 ta cika.

Wannan 1,500 ɗin ba a hana ka ɗauka ba, lalura tana zuwa ba sallama. Sharaɗin kawai ka rubuta nan take, a layin bayani ka sa "na ɗauka", ranar albashi kuma ka cire shi, ka tura wa kanka 6,500 maimakon 8,000. Idan babbar lalura ce, kamar rashin lafiya, ka ɗauki 20,000, to rance ne ka ci a wurin kasuwarka. Ka buɗe wa kanka layi a shafin masu bashi, ka riƙa biyan 2,000 duk mako daga albashi, mako goma ka gama. Haka idan kai ne ka sa kuɗinka cikin kasuwa don cika kuɗin sari, ka rubuta ko rance ne da za ka karɓa, ko ƙarin jari ne da ka bar shi ke nan.

Saura abu ɗaya da gwajin mako ba zai kama ba, wato kayan da ka ɗauka ka kai gida. Ka ɗauki takalmi ƙafa biyu wa yara, kuɗi bai motsa ba, don haka akwati da banki za su yi daidai da littafi. Sai ƙarshen wata idan ka ƙirga kaya za ka ga sun ragu, riba ta yi ƙasa, ka rasa dalili. Ka rubuta su a ranar da farashin sari, ka cire daga albashin makon kamar yadda ka cire wancan 1,500. Kyautar da ka yi wa ɗan'uwa ko aboki daga kayan shago ma haka za ka yi mata, daga albashinka ta fito.

A darasi na gaba za mu buɗe shafin masu bashi mu ga yadda ake tsara shi, ku zo da littattafanku da rubutun mako ɗaya a ciki. Sai mun haɗu, a huta lafiya.