Ƙwallon Osimhen da aka soke, da jiran da VAR ke sa mu yi

Wani mai sauraronmu daga Sabon Gari ya aiko da tambaya, yana cewa: "Malam, wannan VAR ɗin gyara ya zo yi ko ɓata mana kallo? An ci ƙwallo, mun gama ihu, sai a ce a dakata."

To ɗan'uwa, bari mu koma daren 7 ga Fabrairu, 2024, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka a garin Bouaké, Najeriya da Afirka ta Kudu. Ni a wani gidan kallo na Tudun Wada na kalle shi, muna matse a benci, janareta na ruri a bayanmu. Najeriya na gaba da ci ɗaya da Troost-Ekong ya zura da fenariti. Saura kamar minti biyar a tashi, Osimhen ya jefa ta biyu a raga. Wani yaro kusa da ni ya tashi da ihu har ya kifar da kofin shayinsa. Sai muka ga alƙali, Amin Omar ɗan ƙasar Masar, ya ɗora yatsa a kunne, ya hana a sa ƙwallo a tsakiya.

Ga abin da ke faruwa a wannan lokaci. Duk ƙwallon da ta shiga raga, akwai wani alƙalin a ɗaki gaban talabijin, wato VAR, da ke bin ta da baya, tun daga inda ƙungiyar ta karɓe ƙwallo ta faro harin. Da ya bi wannan, sai ya tarar harin ya samo asali ne daga cikin yadi na sha takwas na Najeriya, inda Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau, alƙali bai hura ba. Na ɗaki ba shi da ikon yanke hukunci, shawara kawai yake bayarwa. Shi ya sa alƙali ya zana alamar talabijin da hannuwansa, ya ruga bakin fili ya gani da idonsa, ya dawo ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu fenariti. Mokoena ya farke. Biyu da nema ta koma ɗaya da ɗaya, gidan kallo ya yi tsit kamar ruwa ya cinye mu.

Ya yi mana ciwo, amma hukuncin daidai ne, kuma da mu aka yi wa wannan ƙeta aka kau da kai, da har yau muna maganar. Allah ya taimake mu dai muka haye a bugun fenariti, huɗu da biyu.

Dalilin dakatarwar kuwa doka ce: muddin aka ci gaba da wasa bayan tsayawa, ba a komawa a gyara batun ƙwallo ko fenariti. Da an sa ƙwallo a tsakiya an taɓa, shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe. Dole alƙali ya riƙe wasa har na ɗaki ya gama dubawa, kuma ƙa'idar ba ta sa masa iyakar lokaci ba.

Da aka shigar da VAR cikin dokokin ƙwallo a 2018, abu huɗu aka ba shi: ƙwallo a raga, fenariti, jan kati kai tsaye, da ba wani ɗan wasa kati a madadin wanda ya yi laifin. Kuma ba ya tsoma baki sai kuskuren ya fito fili ƙarara, ko wani babban abu ya wuce alƙali bai gani ba.

Inda nake tare da kai, ɗan'uwa, shi ne satar gida. Nan ba a kiran alƙali bakin fili, na ɗaki ne ke neman hoton daidai lokacin da ƙafar mai bayarwa ta fara taɓa ƙwallo, sannan ya ja layi a kan kafaɗa ko yatsan ƙafa. In tazarar ta yi ƙanƙanta, sai ka ga minti biyu, uku sun tafi, 'yan wasa sun riƙe ƙugu, jikinsu na sanyi. Ga mai tuta kuma an ce masa kada ya ɗaga sai harin ya ƙare, sai ka ga ana ta gudun da tun farko ba shi da amfani. Abin da sai an yi minti uku ana ƙura ido kafin a gan shi, a ganina bai cancanci a kira shi kuskure ƙarara ba.

Taɓa ƙwallo da hannu ma haka. Hoton da aka rage wa gudu yana nuna inda ƙwallo ta taɓa, amma yana sa komai ya yi kama da ganganci. Mu tuna 2018 a Rasha, a wasanmu da Ajantina, Rojo nasu ya sa kai ƙwallo ta sauka a hannunsa, alƙali ya je ya duba, ya dawo ya ce babu fenariti. Shi dai Rojon ne ya ci mu a minti na 86, muka tattaro kayanmu muka dawo gida.