Kar ka ɗauki bidiyon darasi ko ɗaya sai ka ga kuɗi: laccar da wata tela ta yi wa matasa a Garwa

Assalamu alaikum iyayena da ƙannena, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafin. An ce in yi magana kan yadda mutum zai koyar da sana'arsa ta waya da Hausa kuma a biya shi. Ni ɗinki na sani, don haka da ɗinki zan yi misali, mai gyaran waya ko mai turaren wuta sai ya auna da tasa sana'ar.

Kuskuren da na fara yi shi ne na ce zan koyar da ɗinki. Ɗinki gaba ɗaya fa! Wata biyu ina ɗaukar bidiyo, daga yadda ake zura zare a keke har aikin wuya, na cika waya tam, da na saka talla a satatus mutum uku ne suka tambayi kuɗi, ɗaya ce ta biya. Na yi kuka wallahi. Daga baya ne na zauna na duba tsofaffin saƙonnin da mata ke turo min, sai na ga tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: Anti me ya sa hannun rigata yake tattarewa a hammata? To ashe darasin kenan. Matar da ke da keke a ɗaki ba ta neman a koya mata taka keke, abin da ke sa kwastoma ta dawo mata da kaya shi ne ciwonta, kuma a kan ciwo mutum ke fidda kuɗi. Sai na maida abin ya zama yanka hannun riga da haɗa shi, sati biyu, shi kenan.

A karo na biyu ban ɗauki komai ba sai bidiyo ɗaya na minti biyu, na nuna hannun da ya tattare da wanda ya zauna daram, na ce aji zai fara ranar kaza, sefa 5000, idan ba mu kai mutum goma ba zan maida wa kowa kuɗinta. Wannan alkawarin ku riƙe shi da gaske, kuɗin amana ne, kar ku taɓa su sai aji ya tabbata. Mutum 22 suka biya. Da ba su kai goman ba, asarata bidiyon minti biyu ce kawai, ba wata biyu ba.

Maganar ɗauka kuwa ba sai da kyamara ba. Na ɗaure wayata a sanda saman teburin yanka tana kallon ƙasa, hannuna da almakashi kawai ake gani, don haka 'yar uwa wadda maigida ba ya son a ga fuskarta, ba matsala. Ki zauna kusa da taga, ki ɗauka da sassafe kafin 'yan moto da injin niƙa su tashi, ki sa abin kunnen nan mai waya don maganarki ta fito. Mutane na haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma in ba sa jin abin da kike faɗa sun tafi. Kuma ki yi caji tun dare, kun dai san halin kuran, wato wutar lantarki.

Abin da na fi so ku ji a nan shi ne nauyin bidiyo. Ɗalibarki forfe, wato data, na kwana ɗaya take saye, wata ma a ƙauye take inda rezo sai ta fito bakin hanya. Darasi takwas na yi, kowanne bai wuce minti shida ba, na rage su zuwa 480p, kowanne ya tsaya wajen mega talatin. Sannan kowane darasi da aikinsa: ki yanka a takardar siminti ko tsohon zani, ki ɗauki hoto ki turo, ni kuma in amsa da murya. Yawancinsu karatun boko da Faransanci suka yi ko kuma allo kawai, rubutun Hausa na yi musu wuya, amma murya kowa na ji. Wani abu kuma, mu nan da santimita muke awo, 'yan Mubi da Yola da inci, sai da rigar wata ta lalace na gane dole in riƙa faɗin duka biyun. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya.

Ina ake ajiye darasin? Hira da gyara a gurup ɗin WhatsApp, amma bidiyon a rufaffen tashar Telegram, don akwai wurin da za ka kunna Restrict saving content, ba a iya turawa wani ko saukewa cikin waya. Kuma za ka iya yin linkin shiga da mutum ɗaya kaɗai zai yi amfani da shi, in ta shiga ya mutu. Wasu ba su da Telegram, sai ka yi haƙuri ka koya musu sakawa, rana guda ta ishe ku.

To yanzu kuɗi, nan ne ake cin mutane. A gida Kamaru MTN Mobile Money da Orange Money ne, ka buɗe duka biyun don kar wata ta ce ba ta da layin. Ka ware lamba ta aji daban da wadda kake cefane da ita, in ba haka ba lissafi zai cakuɗe maka. Kuma kar ka taɓa yarda da hoton saƙo. Wata ta turo min hoto tsaf, da sunana da 5000, na saka ta a aji, sai dare da nake lissafi na ga babu kuɗin, ashe gyara hoton aka yi. Har saƙon bogi ana turowa daga wata lamba ya yi kama da na kamfani. Yanzu sai na danna *126# ko #150# na ga kuɗina sun ƙaru da idona, in rubuta suna da lamba da rana a littafi, sannan in tura linki. Da yawa kuma da wayar miji ko ta mai kiyos suke biya, sunan da zai fito ba nata ba ne, don haka ki ce ta faɗa miki lambar da aka turo da ita da lokacin.

Ku saka kuɗin cirewa cikin farashi tun farko, tun 2022 akwai harajin 0.2 cikin ɗari kan turawa da cirewa, ban da abin da kamfanin ke yanka. Ni cikin 110,000 da na tara, forfe da yadin gwaji da kuɗin cirewa sun ci kusan 25,000.

'Yan Najeriya su ne kasuwa mafi girma ga mai koyarwa da Hausa, amma naira suke da ita. Ni da wani ɗan canji da mahaifina ya sani shekara da shekaru nake aiki, su tura naira a asusunsa, ya tabbatar min, ya ba ni sefa. Farashina a sefa yake tsaye, duk ranar da mutum zai biya nake tambayar canjin ranar, don na taɓa sa farashi a naira sati uku kafin aji, kafin in karɓa ta faɗi. 'Yan Cadi kuwa sefarmu ɗaya, sai dai su Airtel Money da Moov Money suke da shi, ɗalibaina na Njamaina ta hannun masu tura kuɗi na Kusiri suke biya.

Na ga hannu a baya. Na'am ƙanena? Yana tambaya in wata ta ɗauki bidiyon da wata wayar ta raba fa. Za a yi, ba ka da yadda za ka hana, nawa ma na gan shi a wani gurup. Na ji zafi, amma wadda ta samu a kyauta ba ta da wanda za ta tura wa hoton yankanta ya ce mata nan kika zurfafa hammata, rage santimita ɗaya. Biyu daga wancan gurup ɗin sun zo sun biya a aji na gaba saboda gyaran. Shi ya sa ba na wuce mutum talatin a aji, in sun fi haka ba zan iya sauraron kowa ba. An kira la'asar, mu tashi, masu sauran tambaya ina nan bakin ƙofa bayan salla.