Sharhi: Tallar dala, katin sefa

"Ina sayar da atamfa da turaren wuta a Garwa. Na sa talla a Facebook, dalar Amurka 5 a rana, na lissafa sefa dubu 90 a wata. Da wata ya ƙare sai na ga an cire mini fiye da dubu 110 a kati. Don Allah wa ya ci sauran?"

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wannan tambaya ce da wata Hajiya ta aiko mana. Hajiya, ba ɓarawo ba ne ya shiga asusunki, amma hannu biyu sun taɓa kuɗin kafin su isa inda kika aika su, akwai kuma na uku da ke jiran wata mai zuwa. Bari mu bi sawunsu.

Dala 5 sau kwana 30 dala 150 ke nan, kuma da alama kin yi lissafi a kan sefa 600 kowace dala. Hannu na farko na hukuma ne. Tun dokar kasafin kuɗi ta 2020 Kamaru ta shigar da kamfanonin intanet na waje cikin masu karɓar harajin TVA, wanda yake kashi 19.25 cikin ɗari. Kuɗin da kike rubutawa a wurin kasafin talla na tallar ne kaɗai, harajin a bisansa ake ɗorawa. Dala 150 sai ta koma kusan 179, wato sefa dubu 107 da 'yan kai. Masu sauraronmu na Njamena, ku taku dokar harajin daban ce, sai ku duba rasit ɗinku ku ga ko an ɗora wani abu.

Hannu na biyu na banki ne. Katinki sefa ke ciki, kamfanin kuwa dala yake nema, don haka Visa ko Mastercard za su canza kuɗin a farashinsu na ranar, sannan banki ya ɗora nasa kamasho na biyan kuɗi zuwa waje. Kowane banki da nasa tsarin, amma mu ɗauki kashi 3 cikin ɗari a matsayin misali. Dubu 107 ta zama dubu 110 da ɗari biyar. Kin ga an zo wurin.

Gane kamashon bankinki ba wuya. Ki sauke rasit daga asusun tallar, ki ga dala nawa aka nema tare da haraji. Ki ɗauki takardar bayanin asusunki na banki, ki raba sefar da aka cire da wannan dala. A misalinmu amsar 618 ce, alhali farashin ranar 600 ne, to wannan 18 ɗin ita ce ladan banki a kan kowace dala. Ki kuma duba ko akwai wani ɗan layi dabam a ƙasan kowane cira. Dalili shi ne Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ba ta jiran ƙarshen wata: duk lokacin da bashin talla ya kai wani mizani sai ta cira, kuma sabon asusu da ƙaramin mizani yake farawa. Idan bankinki na karɓar tsayayyen kuɗi a kowane biya, cira goma ƙanana sun fi cira ɗaya babba ciwo nesa ba kusa ba.

Yanzu ga hannu na uku, wanda shi ne ya fi damuna, domin mutane da yawa suna cewa ai sefa ba ta rawa kamar naira. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Tun ranar 1 ga Janairun 1999 sefarmu a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, kuma har yau ba a taɓa wannan adadi ba. Sai dai da yuro aka ɗaure ta, ba da dala ba. Rakumi da akala ne: duk inda yuro ya nufa a gaban dala, nan sefa take binsa. A watan Satumban 2022, lokacin da yuro ya faɗi ƙasa da dala ɗaya, dala ta kai wajen sefa 680. A Janairun 2025 tana kusan 640, zuwa Yulin 2025 ta sauko wajen 560. Babu wanda ya karya darajar sefa a Yawunde a tsakanin nan, kasuwar canji ta duniya ce kawai ke juyawa.

Mu mayar da wannan kan tallar Hajiya. Dala 150 ɗin nan, da haraji da kamasho, a farashin 560 za ta ci sefa kusan dubu 103. A farashin 640 kuwa kusan dubu 118. Talla ɗaya, hoto ɗaya, amma tazarar ta kusa dubu 15, wato ribar turmi nawa ke nan? Ga mai katin da ake zuba wa kuɗi kafin a kashe, abin ya wuce asara. Kin zuba dubu 105 kina ganin ya isa, dala ta ɗaga, cirar ƙarshe ta ƙi shiga, sai a dakatar da tallar har sai kin biya. Idan hakan ta faɗo a goman ƙarshe na azumi, lokacin da mata ke neman kayan sallah, kin rasa kasuwar da kika yi tallar dominta.

A ganina, mai zaune a ƙasashen sefa wanda kasafinsa tsayayye ne ba shi da dalilin buɗe asusun talla da dala idan an ba shi zaɓin yuro. Yuro 4 a rana, kwana 30, yuro 120 ke nan, wato sefa 78,715. Da haraji da wancan kamashon kashi 3 ya kama kusan dubu 96 da ɗari bakwai, kuma haka zai kama a watan gobe da na jibi, muddin banki bai sauya kamashonsa ba. Ba wai tallar ta yi araha ba ne, kuma ranar da dala ta faɗi ba za ki ci wannan garaɓasar ba. Abin da kika samu shi ne sanin abin da zai fita daga aljihunki tun ranar ɗaya ga wata. A kula dai: a Google Ads ba a sauya kuɗin asusu bayan an buɗe shi, sai dai a buɗe wani. A Meta ma sauyawar na nufin a rufe tsohon asusun talla a buɗe sabo, bayan an biya bashin da ke kai, don haka ba a tsakiyar tallar sallah ake wannan aiki ba.

Wanda ya zaɓi zama a kan dala, ko don abokin cinikinsa da dala yake biyansa, to ya riƙa yin lissafi daga baya zuwa gaba. Idan dubu 100 gare ka, raba ta da 1.1925 don cire haraji, ka sake rabawa da 1.03 ko abin da bankinka ke karɓa, za ta rage kusan dubu 81 da ɗari huɗu. Sai ka raba da farashin dala mai tsada, ba na yau ba. A kan 640 dala 127 ce, kimanin dala 4 a rana. Ka shiga saitin biyan kuɗi ka sa wa asusun iyakar kashewa a kan dala 127 ɗin nan, don tallar ta tsaya da kanta kafin kati ya bushe.

Abu biyu a taƙaice ga masu zuwa banki. Katin da ke aiki a kan GIMAC kaɗai, wato tsarin biyan kuɗi na bankunan yankinmu, na cikin ƙasashen CEMAC shida ne, ba zai biya talla a waje ba, don haka ku nemi mai tambarin Visa ko Mastercard, ku kuma ce a buɗe masa biya ta intanet, domin wasu a rufe suke zuwa. Sannan ƙa'idar canji ta babban bankin BEAC, wadda ta fara aiki a 2019, ta sa iyakar sefa miliyan 1 a wata ga mutum ɗaya a biyan intanet zuwa waje, abin da ya haura sai da takardun shaida. Hajiya, ke wannan bai shafe ki ba tukuna. Amma matasanmu na Marwa da Ngaundere da ke yi wa shaguna biyar ko shida talla da kati ɗaya, ku adana kowane rasit, domin banki zai tambaya.