Darasi: Yadda Babi na Biyar Zai Amsa Tambayoyin Bincike

Assalamu alaikum masu saurare, musamman ɗalibanmu na Birnin Kebbi da Aliero da suka kai babi na biyar na kundin bincikensu. Kafin ka rubuta komai, koma babi na ɗaya ka kwafo tambayoyin bincikenka a takarda guda, yadda suke, kada ka sauya ko kalma. Kowace tambaya za ta samu sakin layinta, bisa jerin da suka zo.

Mu ƙaddara aikinka a kan noman rani na shinkafa ne a Argungu. Tambaya ta farko: wace matsala ce ta fi damun manoman? A ce manoma 120 suka cika takardar tambayoyinka, 78 suka ce tsadar man injin ban ruwa. To, jimlar farko ita ce amsar kai tsaye: "Tsadar man injin ban ruwa ce ta fi damun manoman da aka tambaya." Jimla ta biyu hujja: kashi 65 cikin ɗari ne suka faɗi haka, a duba jadawali kaza a babi na huɗu. Ta uku iyaka: a ƙauyukan da ka shiga ne, a rani guda. Shi ke nan. Kada ka sake zubo jadawalin gaba ɗaya, kuma kada sabon adadi ya ɓullo a nan wanda babu shi a babi na huɗu.

Tambaya ta biyu ce ke kayar da mutane. A ce ka tambaya ko akwai alaƙa tsakanin zurfin karatun manomi da yawan buhunan da yake samu, ka gwada, sakamakon ya fito p = 0.21, alhali ma'auninka 0.05 ne, wato sai p ya yi ƙasa da 0.05 za ka ce ka samu hujjar alaƙa. Wasu sai su tsallake tambayar don kunya, wasu su rubuta "babu alaƙa". Duka biyun kuskure ne. Abin da za ka rubuta shi ne: binciken bai samu hujjar da ta isa a ce akwai alaƙa ba. Wataƙila alaƙar tana nan amma ƙarama ce, manoma 120 ba su isa su fito da ita ba. Wannan ma amsa ce, kuma mai jarrabawa daga waje ya fi yarda da ita a kan kwana-kwana.

Sannan ku kula da kalmar da ke cikin tambayar. In ka tambayi tasirin bashin noma a kan amfanin gona, amma abin da ka tattaro ra'ayin manoma ne kawai, ba ka auna buhu ko ɗaya ba, to ra'ayi ka gano. Ka faɗi hakan a fili, ko ka je wurin malamin da ke duba aikinka ku gyara tambayar tun kafin ranar kare kundi.

Ga gwajin da nake ba ɗalibaina. Abokinka ya karanto tambaya da ƙarfi, kai kuma ka karanta jimlar farko ta sakin layinta kaɗai. In ya ce, "To, mene ne amsar?", sake rubuta ta. Shawarwari kuwa sai an gama amsoshi, kuma kowace shawara ta nuna amsar da ta haife ta. In ba ka yi tambaya a kan hanyar mota ba, kada ka roƙi gwamnati ta yi titi.