Lissafinku ya ba da 48, takardar amsoshi ta ce 50: wa ke da gaskiya?

Assalamu alaikum, jama'a. Ku dubi tambayar da ke kan allo. Mota ta yi tafiyar kilomita 120 da gudun kilomita 60 a awa ɗaya, sannan ta dawo ta hanyar da ta bi da gudun kilomita 40 a awa. Ana neman matsakaicin gudunta, zuwa da dawowa. Zaɓin da aka bayar su ne 45, 50, 52 da 55.

Mu lissafa tare. Zuwa ya ci awa 2, dawowa ta ci awa 3. Tafiyar duka kilomita 240 ke nan cikin awa 5. A raba 240 gida 5, a sami 48. To ga shi babu 48 a cikin zaɓin, takardar amsoshi kuwa ta ce 50.

A nan ne ɗalibi kan goge aikinsa, ya yi ta murɗa lambobi har sai 50 ta fito. Kada ku yi haka. Sake bin layukan da kuka rubuta ma ba ya cika amfani, domin idon da ya tsallake kuskure da farko zai sake tsallake shi.

Ku fara auna tazarar da ke tsakanin amsarku da tasu, don takan tona inda matsalar take. In ɗaya ta ninka ɗaya sau 10 ko sau 1000, ɗigo ne ya kauce, ko an haɗa mita da kilomita. In sau 60 ne, minti da awa ne suka cakuɗe. Gudun kilomita 48 a awa daidai yake da kusan mita 13.3 a daƙiƙa, saboda haka amsarku tana iya zama a gabanku cikin wani ma'auni. Wani lokacin kuma siffa ce kawai ta bambanta: 0.75 ita ce 3/4. In bambancin ɗan kaɗan ne a bayan ɗigo, wataƙila kun yanke lambobi tun tsakiyar aiki, ko kun yi amfani da 3.14 su kuma 22/7.

Tazarar 48 da 50 ba ta shiga ko ɗaya a ciki ba. Sai mu juya aikin, mu ɗauki amsarsu mu mayar cikin tambayar. Da matsakaicin gudun 50 ne, da kilomita 240 za ta ci awa 4.8, wato awa 4 da minti 48. Amma tambayar da kanta ta ba mu awa 2 da awa 3. Minti 12 sun ɓace, babu wanda zai ce ga inda suka shiga. Hamsin ta faɗi.

Duk da haka kar ku yi saurin cewa takardar ta yi kuskure. Sai kun gano daga ina 50 ta fito. Ga ta nan: 60 a tara da 40, a raba biyu. Wannan hanyar tana yin daidai ne in motar ta ɓata lokaci iri ɗaya a kowane gudu, misali awa ɗaya tana 60, awa ɗaya tana 40. Shi ya sa za ku koma ku karanta tambayar kalma bayan kalma. In lokaci ne ya zo ɗaya, su ke da gaskiya. In nisa ne, kamar yadda yake a tamu, motar ta fi daɗewa tana tafiya a hankali, dole matsakaicin ya karkata wajen 40. A ganina, muddin ba ku iya bayyana yadda aka sami amsar da kuke ƙi ba, binciken da saura.

Akwai kuma kuskuren bugawa. Ku leƙa amsar tambayar da ke sama da ta ƙasa. In duk sun saɓa da naku, mai yiwuwa jerin ne ya zame da layi ɗaya, ko takardar ta wani bugun littafin ce.

A ɗakin jarrabawa ba a tsayawa gardama da takarda. In zaɓi ne kawai, kuma ba a rage maki kan amsar da ba daidai ba, ku cika 50, tunda kun gano ita mai tambayar yake nufi, ku wuce. In kuwa ana rubuta aiki, ku rubuta 48 tare da matakanku, ku ƙara layi ɗaya cewa nisan zuwa da na dawowa ɗaya ne. Bayan an tashi, ku je wurin malam cikin ladabi da layi biyu a rubuce: awa 5 da tambayar ta bayar, da awa 4.8 da 50 take bukata. Ku ce, "Malam, a taimaka a duba mana wannan."