Taswirar Ranar Haihuwa: Ina Lissafi Ya Tsaya, Ina Duba Ya Fara

(Laccar da wani malamin lissafi ya gabatar wa ɗalibai a Birnin Kebbi, an rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Kwanakin baya wata 'yar ƙanwata ta miƙo mini waya, ta ce, "Kawu, ni fa Hamal ce, shi ya sa nake da saurin fushi." Na ce ikon Allah, mu da muka sha fama da ke tun kina goye ashe laifin tauraro ne. Maganarta ce ta sa na ce yau mu zana abin nan da hannunmu mu ga cikinsa.

Mai duba da taurari yana cewa yadda rana da wata da taurari masu tafiya suka tsaya a sama lokacin da aka haife ka, shi ke nuna halinka da arzikinka da aurenka. Da'awar ke nan. Tsohuwa ce ƙwarai, daga Babila ta taso, Batlimus ya tsara ta a Iskandariyya a ƙarni na 2 Miladiyya, ta shigo littattafan Larabci. Shi ya sa sunayen buruji da muka sani na Larabci ne: Hamal, Saur, Jauza, Saraɗan, Asad, Sumbula, Mizan, Aƙrab, Ƙaus, Jadyu, Dalwu da Hut. Hanyar da rana ke bi a shekara ce aka yanka kashi 12, kowane yanki digiri 30, shi ne buruji ɗaya.

Abu uku ake nema kafin a zana taswira: ranar haihuwa, lokaci, da gari. Mu ɗauki yaron da aka haifa nan Birnin Kebbi ranar 1 ga Afrilu, 2000, da safe.

Rana tana shiga farkon Hamal wajen 20 ga Maris, kuma tana cin kusan digiri ɗaya kullum. Kwana 12 ke nan, saboda haka tana wajen digiri 12 na Hamal. Wata da sauran taurarin, Zuhura da Mirriku da Mushtari da Zuhalu da Uɗaridu, jadawali ake buɗewa a ga inda kowanne yake. Daga nan sai a nemi ɗali'i, wato burujin da ke ɓullowa daga gabas a daidai wannan lokacin. Daga kansa ake ƙirga gidaje 12: na farko jiki da hali, na biyu dukiya, na bakwai aure, na goma sana'a da muƙami. Sai a auna tazarar da ke tsakanin taurari. In digiri 120 ce a ce jituwa, in 90 ce a ce saɓani.

To ku tsaya a kan ɗali'in nan, nan ne gizo ke saƙa. Duniya na juyawa digiri ɗaya cikin minti huɗu, saboda haka kusan duk awa biyu sabon buruji ke fitowa, wasu ma sun fi haka sauri. A wannan ranar, rana ta fito a garin nan wajen ƙarfe 6:40. In a lokacin aka haifi yaron, ɗali'insa Hamal ne, tunda rana da kanta ce ke gabas. In da kiran asuba ne, wajen 5:30, Hut ne. In kuwa ya kai ƙarfe takwas, Saur ya riga ya hau. "Da safe" ɗaya, ɗali'i uku, kuma duk lokacin da ya canja gidajen nan 12 sun goce gaba ɗaya, tauraron da ke gidan dukiya ya koma gidan hali. Yanzu ku je ku tambayi iyayenku mata ƙarfe nawa aka haife ku. Da yawanku za a ce "bayan an sauko daga masallaci" ko "ranar kasuwar Jega ce." Amma an yi muku duba, kun ce ya dace!

Akwai wadda ta fi wannan. Duniya tana layi a hankali kamar katantanwa in ta kusa faɗuwa, zagaye ɗaya cikin shekara kusan 26,000, wato digiri ɗaya cikin shekara 72. Tun da aka kafa burujin nan sama ta goce kusan digiri 24. Ranar 1 ga Afrilu, taurarin da ke bayan rana na Hut ne, ba na Hamal ba. Masu duban Turai sun riƙe lissafin yanayin shekara, su ce yaronmu Hamal. Na Indiya suna bin taurarin, su ce yana digiri 18 na Hut. Wancan ya ce jarumi ne mai gaggawa, wannan ya ce mai taushin zuciya ne, kuma kowannensu yana da jama'ar da ke rantsuwa ya faɗa musu gaskiya.

Ku lura, inda tauraro yake gaskiya ne, falaki ne, ana iya aunawa. Cewa Mirriku na kawo faɗa, wannan mutane ne suka ga jan tauraro suka ba shi sunan gunkin yaƙi.

An gwada kuwa. A 1985 Shawn Carlson ya buga sakamakon wani gwaji da ya yi a Amurka, wanda masu duban da kansu suka amince da tsarinsa. Za a ba mai duba taswirar mutum, a ba shi bayanin halayen mutum uku, a ce ya fitar da mai taswirar. Sun dace a kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya rufe ido ya nuna da yatsa ma haka zai samu.

To me ya sa mai hankali ke karantawa ya ji kamar an leƙa zuciyarsa? Ban yarda wauta ba ce. A 1948 Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, ya ba kowa takarda ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai, ya ce su ba da maki daga sifili zuwa biyar. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Takardar iri ɗaya ce, kuma yawancin jimlolin daga ɗan littafin duban taurari ya kwaso su. Bari in gwada muku irinta: kana son mutane su girmama ka, amma a ɓoye kana yawan zargin kanka, akwai baiwar da ke gare ka da ba ka yi amfani da ita ba tukuna. Wanda bai ji da shi nake ba ya ɗaga hannu. Kun gani? Kai ne ke ɗauko rayuwarka ka cika maganar, ka riƙe wadda ta dace, ka mance goman da suka kuskure. Kuma yaushe mutum ke zuwa duba? Sai aure ya ƙi, ko jari ya karye, ko sakamakon jarrabawa ya yi shiru. A wannan hali, wanda zai zauna awa guda yana magana a kanka kai kaɗai, ya ce ba laifinka ba ne, Zuhalu ne kuma zai wuce, ya ba ka abin da 'yan gidanku ba su ba ka ba.

Na'am, ɗan'uwa mai farar hula?

"Malam, kakana a Argungu yana duba Kaza da 'ya'yanta kafin ya yi shuka. Shi ma duban ne?"

A'a. Kakanka kalanda yake karantawa. Kaza tana ɓuya tana fitowa a lokaci ɗaya kowace shekara, damina ma kusan haka, sai ta zame masa agogo, kamar yadda Gamzaki ke gaya wa matafiyi gari ya kusa wayewa. Malamanmu sun raba su tuntuni: sanin tafiyar taurari don alƙibla da lokaci daban, jingina musu tasiri daban, shi ne aka hana. Kuna tuna hadisin Hudaibiyya, kan wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza. Kuma na kakanka ana iya kama shi in ya kuskure, ruwa ya makara kowa ya gani a gona.

Na ga ladan ya miƙe. Mai son a zana tasa taswirar ya same ni bayan La'asar, amma ya fara kiran Inna ya tambayo ƙarfe nawa ne.