Malama ta rubuta shafi guda cikin fushi, mun mayar da shi layi huɗu

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Bashir da Zainab. Wata malamar aji ce ta rubuta saƙo za ta jefa a zauren WhatsApp na malaman makarantarsu, sai ta dakata, ta turo mana mu duba. Zainab, karanto mana.

Zainab: Anti Hadiza, ai ya kai shafi guda, sai dai in tsakuro. Ta ce: "Wallahi na gaji. Kullum ni ce mai bin mutane kamar mai bin bashi. Wasu sun ɗauka su kaɗai ke da iyali. Jiya ban runtsa ba, ɗana ba lafiya, ga shi ina zaman jiran makin wasu. Allah zai saka min."

Bashir: To me take so a yi mata?

Zainab: Yana can ƙasa, a layin kusa da na ƙarshe. Makin Lissafi da na Turanci na aji 2B ba su zo ba, ga shi ranar Juma'a za a raba sakamako.

Bashir: Kun gani ko. WhatsApp yana yanke dogon saƙo, sai mutum ya danna "Read more" kafin ya ga sauran. Malamin da ke tsakanin darasi da darasi zai ga "na gaji" da "Allah zai saka min", ya ajiye waya. Buƙatar tana wurin da ido bai kai ba.

Hadiza: Amma Malam, tana da gaskiya fa. Wahala ta sha.

Bashir: Tana da gaskiya, Hajiya. Sai dai abu biyu ta haɗa: ƙorafi da neman maki. Zauren mutum talatin, har da shugaban makaranta a ciki, neman makin kawai zai iya ɗauka. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne "wasu".

Zainab: Habaici ke nan.

Bashir: Ƙwarai. Mutum biyu take nufi, amma talatin za su tsargu. Wadda ta kawo nata tun makon jiya za ta fito ta ce "ni dai na bayar", wani ya ce "a riƙa kama suna mana", kafin la'asar an yi saƙo hamsin, maki bai zo ba.

Hadiza: To ta kama sunan ke nan?

Zainab: A ganina a'a, ta kama sunan darasi. Kowa ya san mai koyar da Lissafi a 2B, amma ba a tsayar da shi gaban jama'a ba. Ga yadda na gyara: "Assalamu alaikum malamai. Makin Lissafi da na Turanci na aji 2B ne suka rage in kammala katin sakamako. Don Allah a kawo min su ofishin malamai kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba, saboda Juma'a za a raba. Idan akwai matsala a kira ni yau. Na gode."

Hadiza: Kai, bai yi bushewa ba? A wurinmu gajeren saƙo yakan zama kamar tsawa.

Zainab: Shi ya sa na bar sallama, da "don Allah", da godiya. Su ba sa cin wuri. Abin da na cire shi ne rantsuwa, da "kullum", da kai ƙara wurin Allah. "Kullum" ɗin nan tarko ce. Da zarar kin faɗa, wani zai tuno zangon da ya riga kowa kawowa, shi ke nan an koma musu a kan tarihi.

Bashir: Kuma ta sa Laraba, ba ta ce "da wuri" ba. A wurin wani, "da wuri" Alhamis da daddare ne.

Hadiza: Rashin lafiyar yaron fa? Ni shi na fi jin ciwon cirewa.

Bashir: Ba a zubar da shi ba, wuri aka sauya masa. Ta sami mataimakin shugaba ko shi malamin Lissafin, baki da baki, ta ce jinkirin nan yana hana ta barci. A zaure kuwa, kowa na iya ɗaukar hoton saƙon. Ko da yake WhatsApp ya ba da minti 15 na gyara, akwai kuma gogewa ga kowa, wanda ya karanta ya riga ya karanta, kuma alamar an goge tana nan, sai a yi ta tambayar me ta ce.

Zainab: Ni shawarata, ta rubuta dogon a inda ake tura wa kai saƙo, ta huce, sannan ta nemo layin da ke ɗauke da buƙata ta ɗora shi a sama.

Hadiza: In Laraba ta yi shiru fa?

Bashir: Kada ta koma zauren. Ta kira su biyun kai tsaye. In ya gagara, ta kai wa jami'in jarrabawa jerin darussan da suka rage, a rubuce, da kwanan wata.

Hadiza: To Malama, kin ji. Ki tura na Zainab, ki sanar da mu yadda aka kwashe. Allah ya ba yaro lafiya.